Alhaji, Lambar da Kake Gudu Ta Riga Ka Banki

Na ji labarinku, mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela. An ce tun da aka fara tambayar NIF a banki da duwan da ofishin magajin gari, wasu daga cikinku suka yanke hukunci a ƙarƙashin rumfa, da kofin shayi a hannu, cewa tarko ne aka haƙa wa ɗan kasuwa. Alhaji mai albasa na Galmi ya ce shi da ya shekara da shekaru yana loda tirela zuwa Abijan da Akara ba lamba ba komai, ba yanzu da gemu ya yi fari za a rataya masa ita ba. Hajiya mai atamfa ta kasuwar Ƙonni ta ce ita ba ta shiga abin da ba ta san mafitarsa ba. Kawu dillalin shanu na Badagishiri kuwa cewa ya yi duk wanda ya kai sunansa gidan lanho da ƙafarsa, a duba lafiyar kansa.

To madalla. Ku gyara zama, domin yau da ku nake, kuma ba zan ce muku lambar nan zuma ce ba. Abin da zan ce shi ne: lanhon da kuke zaton kun tsere masa, kuna biyansa tuntuni, kuna biya fiye da na mai lamba, kuma ba da sunanku ake rubuta shi ba.

Mu fara da abin da take. NIF lamba ce da babbar hukumar lanho ta ƙasa, DGI, take bai wa duk mai sana'ar neman riba, mutum ne shi kaɗai ko kamfani, har da ƙungiyoyi da ma'aikatu. Guda ɗaya ake ba mutum, ba a raba ta da kowa, kuma ba ta canzawa. Alhaji, kai ya kamata ka fi kowa gane wannan. Ran da ake lodi a Galmi, buhunan mutum goma ne ke shiga mota guda, kuma kowa sai ya sa an shafa wa nasa shaida da fenti, don kada a isa Abijan a rasa na wane da na wane. Ba ka taɓa yarda buhunka ya tafi ba shaida ba. To kuɗin da ake cire maka suna shiga baitulmali ne yadda buhu marar shaida ke shiga mota: sun tafi, amma ba mai iya cewa naka ne.

Kawu ya ɗaga hannu, na gan shi. Ya ce ai shi yana biyan bodo wurin mai gari kowace shekara, kuma duk ranar kasuwa yana yankar tikiti. Gaskiya ne, Kawu, Allah ya saka. Amma wancan na ma'aikatar magajin gari ne, ana karɓarsa a kan kai da kuma a kan wurin zama a kasuwa. NIF ta sana'a ce. Manomin da ya kwashe albasarsa daga fadamar Maggiya ko gonar noman rani ta Ƙonni ya kai kasuwa ya sayar, ba wanda zai tare shi a ƙofa ya ce ina lamba. Tana fara neman mutum ne ran da ya tashi daga mai sayar da abin gonarsa ya koma mai saye don sayarwa, musamman ran da ya so mu'amala da masu aiki da takarda: banki, duwan, gwamnati, masana'antar siminti ta Malbaza, ko ƙungiyoyin agaji.

Yanzu ga yadda ake samunta, tunda an ce muku sai mutum ya je Yamai ya kwana bakwai a tasha. Ba sai ka yi tafiyar kilomita fiye da 400 ba. Matakin farko na ɗan kasuwa rajistar kasuwanci ne, wadda za ku ga an rubuta RCCM a kanta. Wannan tsari ne na OHADA, dokar kasuwanci da Nijar ta yi tarayya a cikinta da ƙasashen Afirka da dama tun yarjejeniyar 1993, kuma ofishin magatakardan kotu ne ke riƙe da littafin. Ku kuwa Ƙonnawa an gatanta ku, babbar kotu tana cikin garinku. Na san Hajiya ta ji an ambaci kotu gabanta ya faɗi. Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba ƙararki aka kai ba. Sunanki da irin sana'arki da inda shagonki yake kawai za a rubuta.

Da rajistar a hannu sai ka nufi ofishin lanho da ke kula da yankinka, wanda ke ƙarƙashin reshen DGI na jihar Tawa. Za ka cike takardar neman lamba, ka haɗa da kwafin katin ɗan ƙasa da aka buga wa hatimin tabbatarwa, da kwafin rajistar, da abin da zai nuna inda kake sana'ar, kamar takardar hayar shago ko ta mallaka, tare da kwatancen wurin. Ka riƙe takardar haihuwa da hotunan fasfo da kuɗin tambur a aljihu, kada a mayar da kai gida a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wanda ke buɗe kamfani yana iya bi ta Maison de l'Entreprise, gidan da aka kafa a ƙarƙashin majalisar ƴan kasuwa don a haɗa wa mutum rajista da lamba a teburi guda. Ko ta ina ka bi, duk dalar da ka biya ka karɓi rasit. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce ka kawo jika kaza ya fito maka da ita kafin azahar, ka tambaye shi teburinsa a cikin ofishin. In ya fara kame-kame ka san da wa kake.

Abu biyu ke tsayar da takardun mutanenmu, kuma duka biyun daga gida suke tasowa. Na farko suna. A takardar haihuwa kai Mahamadu ne, a katin ɗan ƙasa Mamman, a banki kuma an haɗa har da laƙabin da ƴan tasha suka sa maka. Mu a gari mun san duk kai ne. Na'ura ba ta sani ba, a wurinta mutum uku ne. Kafin ka taka ko'ina, shimfiɗa takardunka a tabarma ka sa ɗan lakwal ya karanta maka su harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa, in akwai saɓani a gyara tun daga tushe. Na biyu adireshi. Ma'aikatan lanho suna iya zuwa su ga wurin da idonsu. In ka ce shagonka yana bayan tashar mota, aka zo aka tarar da mai faci da akuya a ɗaure, takardarka ta kwanta ke nan.

Idan lambar ta fito za ka ga harafi a wutsiyarta, kuma harafin nan ya fi lambar bayani. P na ƙananan ƴan kasuwa ne masu biyan lanho a dunƙule, wanda muka saba kira patanti. S na matsakaita ne masu riƙe littafin lissafi mai sauƙi. R na manya ne masu cikakken lissafi, waɗanda ke karɓar TVA, kashi 19 cikin ɗari, su zuba wa gwamnati. Yawan cinikinka na shekara ne ke nuna rukuninka, shi ya sa za a tambaye ka nawa kake juyawa. A nan nake jin tsoron Alhaji. Mutumin da a wurin biki maroƙa ke kiransa mai tirela goma, a gaban ma'aikacin lanho sai ya koma almajiri, ya rantse ko kuɗin goro ba ya samu. Ka faɗi abin da ya yi kusa da gaskiya, Alhaji. In ka ƙanƙantar da kanka fiye da kima, ran da takardun duwan suka nuna abin da ya wuce da sunanka za a dawo maka da lissafin baya har da tara. In kuma ka kumbura don a ce da kai babba, ka ɗora wa kanka rahoton wata-wata da albashin mai lissafi.

To mu zo kan kuɗi, tunda na san sai an taɓa aljihu kuke buɗe kunne. A dokar lanho akwai abin da ake cirewa tun daga tushe: idan gwamnati ko babban kamfani ko wata ƙungiya za ta biya ɗan kasuwa, sai ta riƙe wani kaso ta zuba wa DGI a madadinsa. Ƙarƙashin kundin lanho na 2012 da gyare-gyarensa, an daɗe ana riƙe kashi 2 cikin ɗari ga mai lamba a cinikin cikin gida, kashi 5 ga marar lamba. Dokar kasafin kuɗi tana iya taɓa adadin, don haka ka tambayi na bana a ofis, amma ƙa'idar ita ce marar lamba ya fi jin jiki.

A ce wata ƙungiya mai ciyar da ƴan makaranta a Tajaye tana son gero da wake na sefa miliyan 5, mu ajiye maganar TVA gefe don lissafi ya fito sarai. Maƙwabcinka mai lamba ya kai kaya, aka riƙe masa jika 100, aka ba shi takardar shaidar an riƙe. Idan harafinsa S ne ko R, ƙarshen shekara zai kai takardar nan a rage masa jika 100 daga lanhon ribarsa, domin kafin alƙalami ne ya bayar. Kai kuma marar lamba, in har an yarda an saya a hannunka, za a riƙe jika 250, kuma sun tafi ke nan, ba littafin da za ka buɗe ka ce ga su. Bambanci jika 150 a ciniki guda. Ka yi irinsa sau huɗu a shekara, jika 600. Kai da kake tsayawa rabin awa kana jayayya da mai amalanke a kan dala ashirin.

Na san amsar da ke bakinka, domin ita ce dabarar gari: ai sai in ari lambar wane. Zo mu bi ta a hankali. Wane ya ba ka takardarsa mai kan suna, a ce ya yanka maka ladansa kashi 5, jika 250 ke nan. An kuma riƙe jika 100 na tushe, daga kuɗinka za su fita, amma shaidar da sunansa za ta fito, shi zai ci moriyarta ƙarshen shekara. Ka tashi da asarar jika 350, ka fi marar lamba shan kashi. Sannan babban abin: kuɗin ba hannunka za su zo ba, asusunsa na banki za su faɗa, tunda a takarda shi ya sayar. In mutumin kirki ne ya miƙo maka. In bashi ya yi masa katutu a bankin, ko ya yi tafiya, ko Allah ya yi masa rasuwa magada suka zauna rabon gado, da wace takarda za ka je gaban alƙali? Zanen aro ba ya rufe katara.

Kai ma mai ba da aron kada ka yi dariya, na hango ka kana gyara hula. Duk kayan da suka wuce da lambarka, a duwan ɗin Ƙonni ko a ofishin wata ma'aikata, a kanka ake tara su. Duwan na aiki da na'urar SYDONIA, kuma abin da aka shigar a cikinta bai ɓace wa mutanen lanho ba. Ranar da za a kira ka a ce bana ka shigo da kaya na miliyan kaza, ina lanhonsu, ba za ka ce ai na abokai ne ba. Ladan da ka karɓa ba zai biya rabin tarar ba.

Hajiya ta ce to ta ji na gwamnati, amma banki ina ruwansa, shi da aka ba ajiya? Tambaya ce mai kyau. Da farko ki bambance asusu biyu. Na ajiyar kanki, inda ɗanki da ke ci-rani yake turo miki kuɗin cefane, katin shaida da bayanin inda kike zaune ne ginshiƙinsa. Asusun kasuwanci, mai sunan shago ko kamfani, shi ne ake neman RCCM da NIF kafin a buɗe. Dalili kuwa, bankunan Nijar suna ƙarƙashin babban bankin BCEAO da dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci, waɗanda suka wajabta wa banki ya san abokin hulɗarsa da inda kuɗinsa ke fitowa. Abin da ya yi masa duhu kuma dole ya sanar da hukumar CENTIF. Ki duba halin ma'aikacin banki a gari irin Ƙonni, kan iyaka, inda sefa da naira ke canza hannu dare da rana. Kin shigo da miliyoyi a jaka kin ce na atamfa ne. Ya yarda da ke, ya ma san shagonki, matarsa a can take ɗinkin salla. Amma mai binciken da zai zo daga Yamai bai san ki ba, takarda zai nema. Haka in kin je neman rance: banki yana son ganin sana'ar tana nan a rubuce kuma tana da tarihi. Shekarun da kika yi kina ciniki da sunan wani, tarihin wani kika gina.

Ofisoshin gwamnati kuwa nasu dalilin a fili yake. Mai neman kwangila, ko ta kai kujeru makaranta a Dogarawa ko ta gyaran rumfunan kasuwa, ana neman ya kawo ARF, takardar da ke shaida cewa ba a bin sa lanho. Ba a ba da ita sai ga mai lamba, kuma wa'adinta gajere ne, sai an riƙa sabuntawa. Tun 2021 kuma aka shigo da rasit na na'ura, tsarin SECeF, wanda ke fitowa da lambar mai sayarwa a jikinsa. Kamfanin da ya sayi kaya ba da irin takardar da doka ta yarda da ita ba, yana iya rasa damar sa kuɗin cikin abin da ya kashe, lanhonsa ya ƙaru. Shi ya sa mai sayen kaya na babban kamfani zai gaishe ka da mutunci, ya yaba kayanka, ya wuce ya saya wurin yaron da ka koya wa kasuwa. Ba asiri ya yi maka ba, Alhaji, takarda gare shi.

Akwai kuma ƙanena mai wayo, mai ƙafa ɗaya a Ƙonni ɗaya a Illelar Sakkwato, wanda ya ce shi yana da TIN ta Najeriya, ta wadatar. Sannu da ƙoƙari. Illela biyu ce, ta Sarkin Adar da ta hayin iyaka, kuma baitulmali ma biyu ne. TIN ta can ce, NIF ta nan. Abin da tafiyarka ta kamata ta koya maka shi ne can ma labarin ɗaya ne: tun dokar kuɗi ta 2019 bankunan Najeriya ke neman TIN ga asusun kasuwanci. Wanda ya ce zai tsallaka don gudun lamba, ya guje wa gara ya faɗa wa zago.

Yanzu bari in ba Kawu gaskiyarsa, don kada a ce na zo tallar gidan lanho. Lambar nan tana da jela. Daga ranar da ka karɓe ta an san da kai, kuma ana jiran bayaninka a kan lokaci. Mai harafin S ko R, ko bai sayar da allura ba, sai ya kai rahoto ya ce bai sayar ba, shiru kansa laifi ne mai tara. Wanda bashin lanho ya taru a kansa ya ƙi biya, doka ta ba hukuma ikon aika wa bankinsa takarda a riƙe kuɗin daga asusunsa. Wannan ba jita-jitar rumfa ba ce, haka abin yake. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne saurayin da ya ji ana rabon kwangila, ya ruga ya yi lamba, kwangila ba ta samu ba, ya jefa takardar a akwati ya tafi Abijan shekara uku. Lambar ba ta san ya tafi ba. Ran da ya dawo neman ARF sai a buɗe masa littafi. In ka rufe shago, ko ka dakata, ko ka tashi daga Malbaza ka koma Tsarnawa, je ka sanar a rubuce, ka karɓi kwafi mai hatimi ka adana. Takarda ɗaya ce, ta fi shekara uku na tara sauƙi.

Saboda haka ba kowa nake turawa ba. Mai tallar goro a faranti da mai sayar da albasar gonarsa su sha shayinsu lafiya. Amma in kana shigo da kaya ta duwan, ko kana son asusu da sunan shagonka, ko idonka na kan kuɗin wata ma'aikata, to ka je tun ba ka matsu ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar da aka liƙa sanarwar kwangila ba ranar gyaran suna a takardar haihuwa ba ce. Ka tambayi ma'aikacin abu uku kafin ka bar teburinsa: wane harafi aka ba ni, nawa zan biya, kuma yaushe zan dawo. Ka sa a rubuta maka amsar.

Wanda kuma ya ce duk da haka shi ba ya yi, ba zan yi faɗa da shi ba. Baitulmali ma ba ya fushi da shi, tunda kashi 5 yake bayarwa inda wasu ke ba da 2, kuma bai taɓa neman a yi masa godiya ba. Allah ya ƙara arziki, Alhaji, irinku ƙasa take so.